Wasan Ƙwaya Goma Sha Biyar

Wasan ƙwaya goma sha biyar wasa ne na wasa ƙwaƙwalwa da mutum ɗaya yake yi shi kaɗai. Ana yin sa a kan ƙaramin allo mai gida 16, wato layi huɗu, kowane layi da gida huɗu. Ƙwayoyi 15 masu lamba daga 1 zuwa 15 suna cike gidajen, gida ɗaya kuma ana barin sa fayau, shi ake kira gurbi a wannan maƙala. Ba a ɗaga ƙwaya daga allon, sai dai a tura wadda ke maƙwabtaka da gurbin ta shiga cikinsa. Manufar ita ce a jera lambobin daga 1 zuwa 15, gurbin ya koma kusurwar dama ta ƙasa.

An san wasan a fannin lissafi saboda wani abu guda: idan aka kwashe ƙwayoyin aka zuba su yadda aka ga dama, rabin jerin da za a iya samu ba sa warwaruwa, komai ƙwarewar mai wasa da tsawon lokacin da ya ɓata.

## Tarihi

Ana danganta asalin wasan ga Noyes Palmer Chapman, shugaban gidan waya na garin Canastota da ke jihar New York a Amurka, cikin shekarun 1870. A ƙarshen 1879 Matthias Rice ya fara ƙera shi yana sayarwa a birnin Boston, a 1880 kuma ya bazu a Amurka da Turai. Tun a 1879 William Woolsey Johnson da William Edward Story suka wallafa bayani a mujallar American Journal of Mathematics, inda suka nuna cewa jerin wasan sun rabu gida biyu, kuma ba a tsallakawa daga ɗaya zuwa ɗaya.

Sam Loyd, wanda ya yi suna wajen ƙirƙirar wasannin ƙwaƙwalwa, ya riƙa iƙirarin shi ya ƙago wasan daga 1891 har rasuwarsa a 1911. Binciken Jerry Slocum da Dic Sonneveld da aka buga a 2006 ya nuna ba shi ba ne. Sunansa ya fi haɗuwa da kyautar dala 1,000 da ya yi tayi ga duk wanda ya warware jerin da komai yake daidai in ban da 14 da 15 da aka musanya. Babu wanda zai iya cin kyautar, domin jerin yana cikin rabin da ba ya warwaruwa.

## Cika da mara

Hujjar ta dogara ne a kan bambancin lambar cika da lambar mara. Cika ita ce wadda ake rabawa biyu ba saura, kamar 2, 4 da 6. Mara ita ce mai barin saura ɗaya, kamar 1, 3 da 5. Idan aka ƙara wa lamba cika, ko aka rage mata cika, jinsinta ba ya canzawa: 5 da 4 sun ba da 9, mara ta zauna mara.

Ana ƙirga abu biyu a kan allon.

Na farko shi ne yawan saɓani. Ana karanta lambobin daga hagu zuwa dama, layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, ana tsallake gurbin kamar babu shi. Duk inda babbar lamba ta riga ƙarama zuwa, ko da ba a jere suke ba, an sami saɓani ɗaya. A jerin 3, 1, 2 akwai saɓani biyu, saboda 3 ta riga 1 kuma ta riga 2.

Na biyu shi ne layin gurbi, wato layin da gurbin yake, ana ƙirgawa daga sama: 1, 2, 3 ko 4.

Sai a haɗa su:

```
J = S + L
```

S ita ce yawan saɓani, L layin gurbi, J kuma jimillarsu. A jerin da aka kammala babu saɓani ko ɗaya, gurbin yana layi na 4, don haka J ta zama 4, wato cika.

## Dalilin da jinsin jimillar ba ya canzawa

Motsi iri biyu ne kawai a wasan.

Idan aka tura ƙwaya hagu ko dama, tana musayar wuri ne da gurbi a cikin layi ɗaya. Tunda ana tsallake gurbin wajen karatu, lambobin suna nan yadda suke a jere. S ba ta canza ba, L ma haka.

Idan aka tura ƙwaya sama ko ƙasa, tana matsawa gida huɗu ne a tsarin karatu, wato tana tsallake ƙwayoyi uku da ke tsakaninta da gurbin. Kowace daga cikin ukun nan dangantakarta da ƙwayar da ta motsa tana juyawa: in da saɓani a da, yanzu babu, in babu kuma yanzu akwai. Idan duka ukun sun tafi hanya ɗaya, S za ta ƙaru ko ta ragu da 3. Idan biyu sun yi wani ɓangare ɗaya ta yi wani, canjin zai zama 1. Ko ta yaya dai canjin mara ne. A daidai lokacin gurbin ya hau ko ya sauka layi ɗaya, L ta canza da 1. Mara biyu in sun haɗu cika suke bayarwa, don haka J tana canzawa ne da 0, 2 ko 4.

Ke nan babu motsin da zai mayar da J daga mara zuwa cika. Tunda jerin da ake nema yana da J cika, duk jerin da ya fara da mara ba zai taɓa isa gare shi ba. Jerin Loyd yana da saɓani ɗaya tak, 15 da ta riga 14, gurbin kuma yana layi na 4. Jimillar 5 ce, mara.

## Misali

A ɗauki wannan jeri, inda alamar _ take nuna gurbi:

```
 5   1   3   4
 2   _   7   8
 9   6  10  12
13  14  11  15
```

Karatunsa shi ne 5, 1, 3, 4, 2, 7, 8, 9, 6, 10, 12, 13, 14, 11, 15. Ana ɗaukar kowace lamba a ƙirga ƙananan da suka zo bayanta. Lamba 5 ta riga 1, 3, 4 da 2, saɓani huɗu ke nan. Lambobi 3 da 4 kowace ta riga 2, ƙarin biyu. Lambobi 7, 8 da 9 sun riga 6, ƙarin uku. Lambobi 12, 13 da 14 sun riga 11, ƙarin uku. Duka saɓani 12 ne. Gurbin yana layi na 2, don haka J ta zama 14, cika.

Jerin yana warwaruwa da motsi takwas: a tura 2 dama, 5 ƙasa, 1 hagu, 2 sama, 6 sama, 10 hagu, 11 sama, sannan 15 hagu.

Ana iya gwada ƙa'idar a nan. Da a ce tun farko an tura 6 sama, da ta tsallake 7, 8 da 9, saɓani ya ragu daga 12 zuwa 9, layin gurbi ya koma 3. Jimillar ta sauka daga 14 zuwa 12, tana nan cika. Amma da za a ciro 7 da 8 da hannu a musanya su, saɓani zai zama 13, jimillar 15, wasan ya daina warwaruwa.

## Me ya sa rabi daidai

Yawan hanyoyin jera ƙwaya 15 da gurbi a gida 16 shi ne sakamakon ninka duk lambobin 1 zuwa 16, wato 20,922,789,888,000. Kowane jeri yana da abokin tagwaitaka: wanda ake samu idan aka musanya ƙwayoyi biyun farko a tsarin karatu, aka bar gurbin inda yake. Wannan musaya tana canza S da 1 kawai, saboda haka a kowane tagwaye ɗaya cika ne, ɗaya mara. Rabin jerin, 10,461,394,944,000, cika ne.

Saura a tabbatar cewa duk mai cika yana warwaruwa, domin hujjar da ta gabata ta rufe ƙofa ne ga masu mara kawai. Yadda masu wasa ke warware shi ya nuna hakan. Daga kowane jeri ana iya shirya layi na 1, sannan na 2, sai a sa 9 da 13 a wurinsu, daga nan 10 da 14. Abin da zai rage shi ne gidaje huɗu na kusurwar dama ta ƙasa, da ƙwayoyi 11, 12, 15 da gurbi. A nan ƙwayoyin zagaye kawai suke yi, ba mai wuce wata. Ƙwaya uku a da'ira kuwa tsari biyu ne gare su. A tsari na farko, juyawa kaɗan sai komai ya zauna daidai. A na biyu, in an kai gurbi kusurwa an sa ɗaya a gidanta, sauran biyun suna musaye, kuma jimillar irin wannan jeri mara ce. Wanda ya fara da cika ba zai iya faɗawa tsari na biyu ba, dole ya ƙare a na farko.

## Yadda ake ganewa da kurakuran da ake yi

Mai wasa ba ya bukatar lissafi don ya gane matsala. Idan ya kai ƙarshe ya tarar ƙwaya biyu kaɗai ne a musaye, gurbi kuma yana mazauninsa, to jerin na mara ne. Hakan kan faru idan ƙwayoyin allon roba ko na katako sun zube aka mayar da su ba tare da lura ba, ko manhajar waya ta watsa lambobi barkatai ba tare da duba jimillar ba. Maganin shi ne a ciro kowace ƙwaya biyu a musanya su sau ɗaya. Allon da aka hargitsa ta hanyar turawa kawai daga kammalallen jeri kullum yana warwaruwa, tunda ana iya bin sawun motsin a koma baya.

Kuskuren da aka fi yi wajen lissafi shi ne sa gurbi cikin ƙirgar saɓani a matsayin 0 ko 16, alhali ana amfani da wannan ƙa'ida. Na biyu shi ne ƙirga layi daga ƙasa. Wasu littattafai haka suke yi, kuma a wurinsu mai warwaruwa shi ne mai jimillar mara, domin layi na 4 daga sama shi ne na 1 daga ƙasa.

Haka nan amsar tana bin jerin da ake nema ne. Idan manufar ita ce gurbi ya zauna a kusurwar hagu ta sama, 1 zuwa 15 su biyo baya, jimillar wannan jeri 1 ce. Don haka jerin Loyd yana iya isa can, wanda aka saba kammalawa kuwa ba ya iyawa.

## Allo mai wani girma

A allo mai gida uku a kowane layi, mai ƙwaya 8, motsin sama ko ƙasa ƙwaya biyu yake tsallakewa, don haka S tana canzawa da 0 ko 2. A nan ba a duba layin gurbi, saɓani kaɗai ake ƙirgawa, kuma sai ya zama cika wasan ke warwaruwa. Daga jeri 362,880, guda 181,440 ne ke warwaruwa. Haka ƙa'idar take ga duk allo mai faɗin mara, mai faɗin cika kuma sai an haɗa da layin gurbi.

Cika da mara suna faɗin ko jeri zai warwaru ne kawai, ba sa faɗin yawan motsin da zai ci. Wannan sai da aka yi amfani da kwamfuta: jeri mafi wuya a allo mai ƙwaya 8 yana bukatar motsi 31, a mai ƙwaya 15 kuma motsi 80, idan ana tura ƙwaya ɗaya a kowane motsi.