Motar da ta yi kwana goma: shari'ar da ta karya ƙarfin ƙananan rubutun bayan takarda

Mai karatu, in ka taɓa sayen janareto ko firji ko sabuwar waya, wataƙila an haɗo maka da wata takarda da ake kira garanti. Yawancinmu muna ɗaukarta a matsayin alkawarin da kamfani ya yi mana. Amma in ka natsu ka karanta, sau da yawa za ka tarar abin da takardar ta karɓe daga hannunka ya fi abin da ta ba ka. Akwai wata shari'a da aka yanke a jihar New Jersey ta Amurka a 1960 wadda ta fito da wannan a fili, kuma ita ce ta sauya yadda kotunan ƙasar suke kallon irin waɗannan takardu.

A watan Mayun 1955 wani mutum mai suna Claus Henningsen ya je wurin dilan motoci Bloomfield Motors, ya saya wa matarsa Helen sabuwar mota ƙirar Plymouth, wadda kamfanin Chrysler ya ƙera. Kyauta ce ya yi mata ta Ranar Iyaye Mata. Shi kaɗai ya sa hannu a takardar ciniki. Aka miƙa musu mota ranar 9 ga wata. Ranar 19, wato bayan kwana goma, Helen tana tuƙi a kan titi mai kyau, gudunta bai wuce mil 20 zuwa 22 a awa ba, kimanin kilomita 35 ke nan, sai ta ji wata ƙara daga ƙasan gaban motar kamar wani abu ya karye. Sitiyari ya juya a hannunta, mota ta karkata dama ta daki allon hanya da katangar bulo. Ta ji rauni, motar kuwa ta tashi daga aiki. Mil 468 kacal ta yi tun fitowarta.

Kai da ni za mu ce ai maganar a bayyane take, wanda ya ƙera motar shi ne zai biya. To, a dokar wancan lokaci akwai katanga biyu tsakanin Helen da Chrysler.

Ta farko tsohuwa ce, daga Ingila ta samo asali. Wani direban keken doki mai ɗaukar wasiƙu, Winterbottom, ya ji rauni da keken ya karye da shi. Ya kai ƙarar Wright, mutumin da ya ɗauki kwangilar kula da kekunan. A 1842 kotu ta ce ba shi da hurumi, domin Wright da hukumar gidan waya suka ƙulla yarjejeniya, shi direba ba ya ciki. Daga nan ƙa'idar ta kafu: wanda ba ku ƙulla ciniki da shi ba, ba ka bin sa bashin alkawari. Ka duba yadda wannan ya dace da masu masana'antu. Kamfani ya sayar wa dila, dila ya sayar maka, in kaya ya cutar da kai kamfani ya ce bai san ka ba.

An ɗan huda wannan katanga a 1916, a shari'ar MacPherson da kamfanin Buick a New York. Ƙafar motar ta katako ce, ta farfashe ana cikin tafiya. Alƙali Benjamin Cardozo ya ce Buick na da alhakin duba ƙafar kafin ya ɗaura ta, ko da wani kamfani ne ya yi ta, ko da kuma ta hannun dila motar ta isa ga mai ita. Sai dai wannan ƙofa tana da sharaɗi: dole ka nuna cewa kamfani ya yi sakaci. Nan Helen ta maƙale. Gaban motarta ya ragargaje har ba wanda zai iya tantance wane ƙarfe ne ya fara karyewa, balle a ce ga ma'aikacin da ya yi ganganci. Alƙalin kotun farko ya kori ɓangaren ƙarar da ya shafi sakaci.

Abin da ya rage mata shi ne wata ƙa'ida ta dokar ciniki, cewa duk ɗan kasuwan da ya sayar da kaya ana ɗauka ya yi alkawarin kayan zai yi aikin da aka saba yi da irinsa, ko bai furta ba. Mota dai a tuƙa ta sitiyari ya riƙe. Wannan alkawari ba ya buƙatar a nuna laifin kowa, lalacewar kayan kawai ta isa. A nan kuma ta ci karo da katanga ta biyu, wato takardar da mijinta ya sa wa hannu.

Takarda ce guda ɗaya da aka riga aka buga. Yawancin rubutun gabanta manya ne, masu sauƙin karantawa. Dab da wurin sa hannu sai ga sakin layi biyu da aka buga da haruffa rabin girman sauran, ɗayansu yana cewa mai saye ya karanta abin da ke bayan takardar kuma ya amince. A bayan akwai sakin layi goma, layi 65 na ƙananan rubutu. A na bakwai garantin yake. Claus ya shaida wa kotu bai karanta ba, kuma ba wanda ya ja hankalinsa kai.

Me garantin ya ce? Kamfani zai sauya duk kayan motar da ya lalace cikin kwana 90 ko mil 4,000, duk wanda ya riga zuwa. Amma mai mota ne zai tura kayan zuwa masana'anta, shi zai biya kuɗin ɗauka, kuma kamfanin ne da kansa zai duba ya ce ko ya gamsu kayan na da aibi. Sannan jimlar ƙarshe ta ce wannan garanti ya maye gurbin duk wani alkawari, na fili da na ɓoye, da duk wani nauyi da ke kan kamfani. Ka lura da cinikin da aka yi. An ba Claus alkawarin ƙarfe guda, an karɓe haƙƙin neman diyyar asibiti da karaya da rai. Kuma da sunan kyauta aka yi, domin wanda ya ga kalmar garanti ba zai zaci ana rage masa wani abu ba.

Masu taimaka wa alƙali a kotun farko sun ba Helen da mijinta gaskiya a kan dila da kamfani duka. Aka ɗaukaka ƙara. Ranar 9 ga Mayun 1960 Kotun Ƙolin New Jersey ta tabbatar da hukuncin, alƙalanta baki ɗaya, kuma Mai Shari'a John Francis ne ya rubuta dalilan.

A kan katanga ta farko, kotun ta ce duniyar ciniki ta sauya. Chrysler ne ke tallata motarsa a jaridu da rediyo da talabijin, shi ke sa mutane sha'awarta, dila hanya ce kawai. Don haka alkawarin inganci yana bin motar daga masana'anta har hannun wanda ya saya, har ma iyalinsa da duk wanda ya tuƙa ta da yardarsa. Da haka Helen, wadda ba ta sa hannu a komai ba, ta shigo ciki.

A ganina maganar da kotun ta yi kan takardar ita ce ta fi nauyi. Asalin doka shi ne in baligi mai hankali ya sa hannu, ya ɗaure kansa, ko ya karanta ko bai karanta ba. Kotun ba ta musanta wannan ba. Tambayar da ta yi ita ce, da a ce Claus ya karanta ya ƙi, ina zai je? Wannan garanti ba Chrysler kaɗai ke amfani da shi ba, ƙungiyar masu ƙera motoci ta Amurka ce ta tsara shi, kuma mambobinta duk shi suke bugawa. Kamfanoni uku, General Motors da Ford da Chrysler, su ne suka ƙera kashi 93.5 cikin ɗari na ƙananan motocin ƙasar a 1958. Dilan da ke gabansa ma ba shi da ikon goge layi ɗaya. Ka ga ba a yi tayi ba, ba a yi albarka ba, an dai ce ga shi, ka ɗauka ko ka tafi a ƙasa. Kotun ta ce irin wannan sharaɗi, wanda mai ƙarfi ya ɗora wa marar zaɓi domin kauce wa alhakin raunata mutane, ya saɓa wa maslahar jama'a, don haka ba shi da ƙarfin doka.

Kada ka fahimci hukuncin fiye da yadda yake. Bai ce duk wanda ya yi haɗari da sabuwar mota kamfani zai biya shi ba. Har yanzu sai ka nuna akwai aibi a kayan, kuma aibin ne ya jawo cutar. Helen ta yi nasara ne domin alamu sun taru wuri ɗaya: mota ce ta kwana goma, ba a wahalar da ita ba, titi lafiyayye ne, wani direban bas da ke tahowa ya ga yadda ta karkata farat ɗaya, sannan jami'in inshora da ya duba ta ya ce lallai wani abu ne ya lalace tsakanin sitiyari da ƙafafun gaba. Da motar ta shekara uku, ta bi hannun makanikai biyu, da maganar ta yi wuya ƙwarai, domin kamfani zai ce aibin ba daga gidansa ya fito ba.

Bayan 1960 abubuwa sun yi sauri. A 1963 Kotun Ƙolin California, a shari'ar Greenman da Yuba Power Products, ta ce ba ma sai an bi ta hanyar alkawari ba: wanda ya fitar da kaya mai aibi kasuwa ya raunata mutum, alhaki na kansa kai tsaye. Birtaniya ta yi doka a 1977 da ta hana kowa rubuta sharaɗin da zai wanke shi daga mutuwa ko raunin da sakacinsa ya jawo. Ƙasashen tarayyar Turai sun amince da irin alhakin California a 1985, amma suka bar wa kamfanoni wata kafa: in ilimin kimiyya na lokacin da aka fitar da kayan bai kai a gano aibin ba, yawancin ƙasashen suna yarda kamfani ya kare kansa da wannan. Masu ƙera magunguna na cikin waɗanda wannan kafa ta fi amfana.

Nijeriya ma, wadda ta gaji tsarin shari'ar Ingila, ta bi sahu. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta haramta sharuɗɗan ciniki na zalunci, ta ɗora alhakin cutar da kaya mai aibi ya yi a kan wanda ya samar da shi, kuma ba ta yarda a rubuta wani abu a takarda a kauce masa ba. Don haka rubutun da kake gani a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ba ya shafe haƙƙinka in kayan tun asali mai aibi ne. Abin da za a nema a wurinka shi ne irin abin da aka nema a wurin Helen: rasit mai kwanan wata, kayan da kansa kamar yadda ya lalace ba tare da mai gyara ya kwance shi ba, takardar asibiti in an ji rauni, da wanda ya ga abin da ya faru.