Haɗa talabijin da Wi-Fi na gida

Haɗa talabijin da Wi-Fi shi ne sada ta da rauta, na'urar da ke rarraba intanet a gida, ba tare da waya ba. A saitin talabijin ake shiga Network, a zaɓi sunan Wi-Fi ɗin gidan, a rubuta kalmar sirri.

Rautoci da yawa suna watsa zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Wani lokaci na biyun yakan fito da 5G a ƙarshen sunansa, amma wannan daban yake da 5G na layin waya da MTN ya ƙaddamar a Najeriya a 2022.

Zangon 5 GHz ya fi sauri, sai dai bango na rage masa ƙarfi sosai. Wannan abin lura ne a Abuja, inda akasarin gidaje na bulo da siminti ne. Idan rauta da talabijin suna falo ɗaya, 5 GHz ya dace. Idan kuwa rauta tana ƙasa, talabijin tana ɗakin sama a gidan bene irin na Gwarinpa, dakalin kankaren da ke tsakani zai raunana shi, hoto ya riƙa tsayawa ko ya dusashe. A nan 2.4 GHz ya fi, domin yana kaiwa nesa, kuma bidiyon HD bai cika buƙatar fiye da 5 Mbps ba. Matsalar 2.4 GHz cunkoso ce, musamman a rukunin gidaje inda rautocin maƙwabta ke cin karo da juna.

Wasu tsofaffin talabijin ba sa ganin 5 GHz ko kaɗan.