Ɗarikun Sufaye a Sakkwato

Ɗarikun Sufaye a Sakkwato su ne hanyoyin tarbiyya da zikiri waɗanda Musulmin birnin da kewayensa suke bi, kuma manyansu biyu ne: Kadiriyya da Tijjaniyya. Masana tarihi sukan yi nazarin su ta fuska uku, wato ibadar da suke koyarwa, da yadda suke haɗa mabiya, da kuma tambayar wa ke da ikon faɗa a ji a harkar addini.

Kadiriyya da kafuwar daula

Kadiriyya ta samo sunanta daga Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754–1817) Bakadire ne. Ya rubuta cewa yana ɗan shekara 40 ya ga Shehu Abdulƙadir cikin kashafi ya rataya masa takobin gaskiya, kimanin shekara goma kafin jihadin 1804. Daga baya ana kiran jama'arsa Kadirawa.

Saboda haka manazarta suna ganin cewa a ƙarni na 19 Kadiriyya a Sakkwato ta zama alamar daula kanta. Mutum yana iya amsa sunan Bakadire don yana bin Shehu da zuriyarsa, ko da bai karɓi wuridi daga hannun wani muƙaddami ba. Jagorancin ɗarika da sarauta sun haɗu a gida ɗaya.

Zuwan Tijjaniyya

Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, shi ya kafa Tijjaniyya. Alhaji Umaru Futi ya zo da ita Sakkwato a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka. Ya zauna shekaru da dama a shekarun 1830, ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Tsarinta ya bambanta. Mai shiga yana karɓar izini daga muƙaddami, ya ɗauki lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Akwai kuma wazifa ta kullum, wadda aka fi so a yi cikin jam'i, da zikirin Juma'a bayan La'asar. Sharuɗɗa biyu ne suka fi jan hankalin masana: ba a haɗa wuridinta da na wata ɗarika, kuma ba a ziyartar waliyyan da ba na ɗarikar ba don neman albarka. A garin da Hubbaren Shehu yake, wannan sharaɗi ya wuce maganar ibada kawai, domin ya shafi biyayya ga gidan da ya kafa daular.

Muhawara a kan Muhammadu Bello

Bayan rasuwar Bello a 1837, Tijjanawa sun ce ya karɓi wuridinsu daga Alhaji Umaru. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya yi zama da Bello tsawon rayuwarsa, ya musanta haka a rubuce. Murray Last ya tattauna batun a littafinsa na 1967 a kan Daular Sakkwato.

Wahalar warware shi tana cikin hujjojin. Kowane ɓangare na da abin da zai samu: idan Bello ya shiga Tijjaniyya, to ya bar wuridin mahaifinsa ke nan, ɗarikar kuma ta sami shaidar sarki malami. Don haka masana sukan duba lokacin da aka rubuta kowace shaida, da wanda ya rubuta ta, da ko yabon da Bello ya yi wa Alhaji Umaru na nufin shiga ɗarika ne ko girmama baƙo malami.

Ƙarni na 20

Tijjaniyyar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta yaɗu daga Kano bayan haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a 1937. Ta kafu a garuruwan jirgin ƙasa da cinikin gyaɗa, irin su Gusau da Ƙauran Namoda, inda zawiya ta zama wurin wazifa da karatu da saukar baƙi. Mabiyanta suna yin ƙablu a salla, maimakon sadalu da aka saba, abin da ya sa ana gane su a sahu. A 1949, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, an rushe wasu masallatan Tijjanawa a lardin Sakkwato, kuma an yi tarzoma a 1956.

John Paden, a littafinsa na 1973 a kan Kano, ya kira irin wannan tsari ɗarika mai sabon salo, wadda ke tara talakawa da 'yan kasuwa a ƙarƙashin shehin da ba sarki ya naɗa shi ba. Roman Loimeier kuwa, a littafinsa na 1997, ya bi diddigin yadda sukar Shehu Abubakar Gumi da kafa Izala a Jos a 1978 suka sa ɗarikun biyu suka ajiye saɓaninsu suka haɗa kai.