Yaushe za a tsayar da horo?

Zanen farko da aka koya mana a sana'ar horar da na'ura layi biyu ne kacal. Ɗaya yana nuna kuskuren na'ura a kan misalan da ake horar da ita da su, ɗayan kuma kuskurenta a kan misalan da aka ware gefe don gwaji. Da farko tare suke gangarowa. Can sai na horo ya ci gaba da sauka, na gwaji ya tsaya, sannan ya fara hawa. A nan, in ji malamanmu, na'ura ta bar fahimta ta koma hadda, sai ka tsayar da ita.

Dabarar ta samu gindin zama ne bayan 1986, lokacin da Rumelhart da Hinton da Williams suka yaɗa hanyar horar da sarƙar lissafi mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Sarƙoƙin suna da lambobin da ake daidaitawa da yawa, misalai kuwa kaɗan, don haka hadda ba ta yi musu wuya.

Sai dai zanen littafi sumul yake, na gaske kuwa kamar haƙorin zarto. Layin gwaji zai hau, ka ce an zo wurin, bayan zagaye goma ya faɗo ƙasa da inda ya taɓa kaiwa. Lutz Prechelt na Jami'ar Karlsruhe ya zauna wa wannan matsala, ya wallafa sakamakonsa a 1998. Ɗaya daga ma'aunansa mai sauƙi ne: ka riƙe kuskuren gwaji mafi ƙanƙanta da ka gani, ka auna na yanzu da shi. A ce a zagaye na 30 ya sauka zuwa 0.40, a na 38 ya koma 0.42, alhali na horo ya gangara daga 0.30 zuwa 0.21. Hawan ya kai kashi 5 cikin ɗari ke nan. In iyakar da ka sa 5 ce, da ya haura ta sai ka tsaya, ka ɗauko na'urar yadda take a zagaye na 30. Wannan komawa bayan ce sababbin hannu suka fi mantawa, sai su adana ta ƙarshe.

Prechelt ya gano cewa jinkirin tsayawa yana rage kuskure da kusan kashi 4 cikin ɗari, amma lokacin horo yana ninkawa kusan huɗu. Wannan cinikin muke yi har yau, duk lokacin da muka zaɓi adadin `patience` a `EarlyStopping` na Keras.

A 2019 Nakkiran da abokan aikinsa suka nuna cewa a manyan sarƙoƙi kuskuren gwaji yana iya hawa, ya daɗe a sama, sannan ya sake sauka in aka ci gaba da horo, musamman idan akwai misalan da aka yi wa laƙabin kuskure. Ni dai tun daga nan, in layukan suka rabu, nakan adana na'urar a inda ta fi kyau, in bar horon ya ci gaba har a kwana, da safe in duba.