Farin da marini ya bari: karatun zanen ɗauri daga Ƙofar Mata

Duk wanda ya tashi daga Magarya ko Dungas ya sauka Kano fatauci ya san turkuɗi da rawanin ɗan Kura, masu baƙi da ƙyalli. Irin wannan rini ne ya ɗauki hankalin Bature matafiyi Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851. Amma a karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, akwai wani aikin da ƙimarsa ke wurin da baba bai taɓa ba, wato ɗauri.

Aikin yakan fara ne a cikin gida, a hannun mata. Mace za ta tsunkuli farin yadi, wani lokaci ta sa tsakuwa ko ƙwayar hatsi a ciki, ta naɗe gindin da zare tamau. Marini ya tsoma shi a ruwan baba da aka haɗa da toka da katsi, ya ɗago shi kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, ya sake tsomawa. Sai an kwance zaren ake ganin ɗan farin zobe da ɗigon shuɗi a tsakiya. In ta yi ɗauri uku a kan tsunkule ɗaya, zobba uku za su fito, wani cikin wani. Daga jera irin waɗannan ne ake samun zanen da masu sana'ar ke kira fadar sarki ko amarya da ango.

Bakin zoben shi ke tona hannun mai aiki. Ɗaurin da ya matsu yana barin fari tas, da 'yan jijiyoyin shuɗi inda yadin ya tattare. Wanda ya yi sako-sako kuwa ruwa ya ratsa shi, zoben ya fito dishi-dishi. A ganina waɗannan jijiyoyin su ne kyan abin.

Sauran dabarun ma kowace da shaidarta. Ɗinkin da aka zuge aka rina aka farke yana barin layin 'yan ɗigo, har da hudar allura. Adiren Abeokuta da Ibadan na kullun rogo fuska ɗaya ake shafa wa, shi ya sa zanensa ke fitowa shuɗi-shuɗi, bayansa kuma ya rinu. Batik, wanda tsibirin Jaba na Indunusiya ya shahara da shi, da kakin zuma ake yinsa, kuma inda kakin ya tsage rini kan shiga ya bar siraran layuka. Atamfa daga nan ta samo asali.

Tun da shunin kanti na Jamus ya shiga kasuwa a 1897 baba ke ja da baya, yanzu kuma inji na buga hoton ɗauri a kan yadi. Mai saye ya juya bayan zanen, ya kuma gwada zobe biyu. Ɗaurin hannu yana ratsa fuska biyu, kuma ba za ka sami zobba biyu da suka zo daidai da juna ba.