Daga ribar jari zuwa fuskoki huɗu: waiwaye kan katin auna aiki

A farkon ƙarni na 20, Donaldson Brown na kamfanin DuPont ya fito da ma'aunin da ya daɗe yana mulki a harkar sa ido kan manajoji: a raba riba da jarin da aka zuba. Ma'aunin ya yi amfani, amma yana da illa. A ce wani sashe na da jarin dala miliyan 100, yana cin ribar miliyan 20, wato kashi 20 cikin ɗari. Sai ga sabon aiki na miliyan 50 da zai kawo miliyan 7.5, kashi 15 ke nan, alhali kuɗin samo jari kashi 12 ne. Kamfani zai ƙaru da aikin, amma ma'aunin sashen zai sauko zuwa kashi 18.3. Manajan da ladansa ya rataya a kan wannan adadi zai ƙi aikin. Haka kuma zai iya rage horar da ma'aikata ko gyaran injuna don ribar bana ta yi kyau, ɓarnar ta bayyana bayan ya bar kujerar.

Irin wannan ne Thomas Johnson da Robert Kaplan suka soka a littafinsu Relevance Lost na 1987. A 1990 Kaplan da David Norton suka yi nazari da kamfanoni 12, inda suka amfana da katin da Analog Devices ke amfani da shi, mai haɗa inganci da isar da kaya kan kari da lissafin kuɗi. Sakamakon ya fito a mujallar Harvard Business Review a 1992, da fuskoki huɗu: kuɗi, abokan ciniki, ayyukan cikin gida, sai ƙirƙira da koyo, wadda aka mayar koyo da bunƙasa a littafinsu na 1996.

A ganina, babban sauyin na 1996 ne, domin a nan aka ce ma'aunan su zama sarƙa. Horo ya rage kaya masu aibu, raguwar aibu ta riƙe abokan ciniki, su kuma su kawo riba. Sa'o'in horo ma'auni ne mai hasashe, riba kuwa labarin abin da ya riga ya faru take bayarwa.

A 2000 Hanne Nørreklit ta ƙalubalanci sarƙar: ana ɗauka cewa wannan na haifar da wancan ba tare da hujja ba, kuma ba a lissafa tazarar lokaci. Tana da gaskiya. Abokin ciniki na iya gamsuwa saboda an karya masa farashi, riba kuwa ta faɗi. In ma'aunan hasashe sun yi ta hawa shekara biyu ko uku amma kuɗi bai motsa ba, a koma a binciki zaton da aka gina sarƙar a kai, kafin a ɗora wa manaja laifi.