Asalin Lalle da Ƙunshi

Lalle ɗan itace ne madaidaici mai ƙananan ganye, yana son ƙasa mai zafi. Mutanen Masar sun san shi fiye da shekara 3,000 da suka wuce, don an tono gawarwakinsu na dā an tarar da gashin waɗansu a rine da shi. Larabawa ma sun daɗe suna ado da shi, Musulunci ya zo bai hana ba. Masana na ganin ta hanyar fataken Sahara ya iso ƙasar Hausa. Nan ya sami gindin zama, har ya shiga cikin biki. A littafin Baba ta Karo, wanda aka buga a 1954, akwai labarin yadda ake sa amare a lalle a ƙasar Zazzau tun zamanin dā.

Kakanninmu ba zane suke yi ba, ƙunshi suke yi. A shanya ganyen a inuwa, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa, wata ta ƙara tsamiya ko lemon tsami. Sai a shafe ƙafa, a ƙunshe ta da ganye da tsumma, hannu kuwa a zura shi cikin zunguru, wato doguwar ƙwarya da aka tanada don wannan aiki. Ba don wahalar da amarya aka yi haka ba. Rinin da ke cikin ganyen a hankali yake ratsa fata, kuma sai da danshi da ɗumi. Da ya bushe, ya daina ci. Shi ya sa ake kwana da shi. Tafin hannu da na ƙafa sun fi kauri, don haka sun fi kamawa. Ran da aka kwance, launin ja-ja ne mai haske, sai bayan kwana biyu ya nuna sosai. Yakan yi mako biyu ko uku kafin ya koɗe, na farce kuwa sai farcen ya tofo.

Zanen fure daga baya ya zo, galibi ana danganta shi da Sudan. A nan ne aka fara neman mace mai hannun da ba ya rawa, mai naɗe leda kamar mazurari ta ja layi siriri.

To, tare da zanen furen dayis ya shigo. Shi ba ganye ba ne, rinin gashi ne. Yana baƙi cikin ƙasa da awa guda, ko a damtse ne, abin da lalle ba ya yi. Wadda jikinta ya ƙi shi, bayan 'yan kwanaki sai ƙaiƙayi, sai ƙuraje masu ruwa su fito daidai bisa layin zanen, wani lokaci su bar tabo. Wadda ta taɓa ganin haka, kada ta sake yarda a sa mata shi, ko a hannu ko a ka.